An ɗauki hotona ko rubutuna ba a tambaye ni ba: yaya zan yi magana? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa tsakanin masu ɗaukar hoto, teloli, masu lalle da marubuta a Garwa, Marwa, Ngaundare da Kuseri, har zuwa tsallaken gada a Injamena. Mutum ya buɗe waya ya ga aikinsa a hannun wani, babu sunansa, wani lokaci ma an manna sunan wancan a kai. Misalan da ke ƙasa na kwatance ne, ba labarin wani takamaiman mutum ba ne. Bayanin doka kuma na gaba ɗaya ne, wanda maganarsa ta kai kotu sai ya nemi lauya.

Na ga hotona a shafin wani. Me zan fara yi?

Kada ka fara da magana. Fara da tara shaida, domin da zarar ka yi masa magana yana iya goge abin ko ya toshe ka, ka rasa abin nunawa. Ɗauki hoton fuskar wayarka yadda sunan shafin, ranar da aka saka abin da rubutun da ke ƙasansa za su fito tare. Sannan ka taɓa ɗigo ukun da ke saman abin, ka zaɓi "Copier le lien", ka ajiye adireshin a wani wuri. Idan a "Statut" na WhatsApp ka gani, yi sauri, awa 24 kawai yake yi ya ɓace.

Bayan haka nemo naka na asali. Hoton da ke cikin wayarka ko kyamararka yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, da sa'a, da irin na'urar da ta ɗauka, kuma ya fi wanda ke yawo girma da tsabta. Facebook da WhatsApp suna matse hoto idan an tura shi, kuma waɗancan bayanai ba sa bin kwafin da mutane ke saukewa. Ke nan wanda ya kwasa a can ƙaramin kwafi ne a hannunsa. Shaidar da ta fi wannan ƙarfi ita ce 'yan'uwan hoton, wato waɗanda ka ɗauka kafinsa da bayansa a wuri ɗaya. Mai hoton dokin da ya miƙe a ƙofar fada yana da na dokin kafin ya miƙe da na bayan ya sauko. Wanda ya kwafa guda ɗaya ne da shi.

Abu ɗaya da za a kiyaye: kada ka tura masa babban hoton na asali don ka gamsar da shi. In ka yi haka ka ba shi abin da ya rasa. Nuna masa hoton fuskar waya da ke ɗauke da ranar ya wadatar.

Hoton da ni na ɗauka da hoton da ni ke ciki, duk magana ɗaya ce?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Haƙƙin mawallafi na wanda ya ɗauki hoton ne. Shi ne zai ce a saka sunansa, ko a biya shi, ko a cire. Wanda fuskarsa ke ciki yana da nasa haƙƙin daban, na mutuncinsa da sirrinsa. Ba zai ce "ni na ƙirƙira" ba, amma zai iya cewa "ban yarda a yi talla da fuskata ba". Amaryar da mai sayar da atamfa ya ɗauki hoton bikinta yana tallar kaya ba sunanta take so a rubuta ba, rubuta sunan ma ƙara ɓata lamarin zai yi. Cirewa take so.

Akwai wani ɓangare na uku da masu hoton biki ke mantawa. Idan an ɗauke ka aiki an biya ka, dokar Kamaru ta ɗauka cewa haƙƙin cin amfanin hoton ya koma ga wanda ya sa aikin, gwargwadon abin da kuka daidaita a kai, sai fa in kun rubuta akasin haka. Ango ya saka hoton aurensa a shafinsa, ba satar maka ya yi ba. Abin da ya rage maka shi ne suna: ba wanda zai ce shi ya ɗauka alhali kai ne. Kai ma kuma kafin ka saka hoton amaryar mutane a shafinka don jawo kwastomomi, sai ka nemi izininsu.

Me zan nema: suna, cirewa, ko kuɗi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka amsa wa kanka kafin ka rubuta ko harafi ɗaya. Yawancin saƙonnin da ba sa haifar da komai, mai su bai san abin da yake so ba. Ya zazzage fushinsa, wancan ya karanta, bai ga abin da aka ce ya yi ba, ya yi shiru.

A ce kai mai ɗaukar hoto ne a Garwa. Ranar hawan sallah ka tsaya cikin rana da ƙura a gaban fadar Lamiɗo, ka samu hoton mahayi da dokinsa a tsaye kan ƙafafun baya. Ka saka a shafinka da sunanka a kusurwar ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ka gan shi a wuri uku.

Na farko shafi ne na matasa masu yaɗa al'adun arewa, ba sa sayar da komai, kuma sun bar hoton yadda yake, sunanka kawai ba su ambata ba. Nan suna za ka nema. Cirewa ba ta ƙara maka komai, alhali mabiyansu su ne mutanen da gobe za su nemi mai hoton biki.

Na biyu wani masauki ne da ya yanke gefen da sunanka yake, ya ɗora tambarinsa da lambar wayarsa, yana kiran baƙi su zo kallon hawa. Wannan yana neman kuɗi da guminka, kuma yanke sunan ya nuna ya san hoton yana da mai shi. Nan suna kaɗai bai isa ba. Ka ba shi zaɓi biyu: ya biya kuɗin amfani a mayar da sunanka, ko ya cire. Ka faɗi adadin da bakinka tun farko, ka kwatanta da abin da kake karɓa in an ɗauke ka aiki irin wannan. Idan aikin rabin yini sefa 15,000 kake yi, daga nan za ka auna. Kada ka faɗi kuɗin da kai kanka ka san ba za a biya ba don kawai ka huce.

Na uku wani ne ya haɗa hoton da labarin ƙarya, ya ce ga dawakan da aka tarwatsa a wani rikici. Nan ba ka son sunanka ya raɓi abin ko kaɗan. Cirewa kawai.

Masu sana'ar hannu kusan kullum a layi na uku suke, ko da ba ƙarya aka haɗa ba. Telar da ta yi ɗinki a Marwa, wata ta ɗauki hoton tana karɓar oda da shi a Kuseri, rubuta sunanta a ƙasa ba zai warware komai ba, domin hoton yana cewa "ni na ɗinka" ne. Kwastoma za ta biya don wannan hannu ta samu wani. Ita ma cirewa za ta nema.

To yaya zan tsara saƙon?

Gajere, abu huɗu a jere: gaisuwa da gabatar da kai, wane hoto ko rubutu kake nufi, shaida ɗaya, sai buƙata ɗaya tak. Ka kira mutum da abin da ake kiransa. In dattijo ne, Alhaji ko Baba ko Malam ko Modibbo. In mace ce babba, Hajiya ko Goggo. In sa'arka ne, ɗan'uwa ko 'yar'uwa. Shafin da ba ka san mai shi ba, ka yi masa jam'i.

Ga na neman suna, zuwa ga shafin matasan nan:

"Assalamu alaikum. Barkanku da ƙoƙari. Sunana wane, mai ɗaukar hoto ne a Garwa. Hoton mahayin da kuka saka ranar Talata ni na ɗauke shi a hawan sallar bana, ga inda na fara saka shi. Na ji daɗi da ya burge ku. Don Allah ku ƙara a rubutun da ke ƙasansa: Hoto: wane, Garwa. Na gode, Allah ya bar zumunci."

Lura da cewa ka rubuta musu ainihin kalmomin da za su saka. Aikin ya zama na minti ɗaya: su taɓa "Modifier la publication", su manna, shi ke nan.

Ga na mai masaukin:

"Assalamu alaikum Alhaji, ina wuni, ya kasuwa? Sunana wane. Hoton dokin da ke kan tallarku nawa ne, kuma asalinsa akwai sunana a ƙasa. Mai yiwuwa yaron da ya haɗa muku tallar bai gaya muku ba. In kuna son ci gaba da amfani da shi, kuɗinsa kaza ne, a kuma mayar da sunan. In ba haka ba, ina roƙon a cire shi kafin Juma'a. Ga lambata in Alhaji yana son mu yi magana."

Jimlar nan ta "mai yiwuwa yaron bai gaya muku ba" ita ce ƙashin bayan saƙon. Sau da yawa gaskiya ce ma, domin ba Alhaji ne ke zama yana haɗa talla a waya ba. Ko da ba gaskiya ba ce, ka buɗe masa ƙofar da zai fita ba tare da ya ce "na yi sata" ba. Mutumin da aka bar wa hanyar fita yana gyarawa. Wanda aka ƙure a lungu sai ya tsaya kare kansa.

Na telar kuma, mace da mace:

"Salamu alaikum 'yar'uwa, ya aiki? Rigar nan mai ruwan goro da kika saka jiya ɗinkina ce, a shagona aka ɗauki hoton, ga sauran hotunan ranar. Kwastomomina sun fara tambayata ko na buɗe wani shago. Don Allah ki cire min shi yau. In salon ne ya burge ki, ki ɗinka naki ki ɗauka, Allah ya ba mu kasuwa baki ɗaya."

Kalmomin da ba su da wuri a saƙon farko: ɓarawo, kotu, jandarma, "za ka gani". Haka ma Allah ya isa. In ka fara da ita, me ka bar wa saƙo na biyu?

Shi ya yi laifi, me ya sa ni zan lallaɓa shi?

Saboda wayar tana hannunsa. Shi ne zai taɓa ya gyara ko ya goge, kuma duk wata hanyar da ba ta bi ta kansa ba ta fi tsawo da wahala. Ban da haka, mafi yawan masu kwasar hoto a wurarenmu ba su ɗauke shi laifi ba. Hoto ya zo musu ta rukuni uku ko huɗu, sunan mai shi ya faɗi tun a hanya. Akwai kuma lissafin zama tare. Garuruwanmu ba su da girman da za ka zagi mutum yau ka ce ba za ku haɗu ba. Gobe kuna sahu ɗaya a masallaci, ko ka tarar surukin kawunka ne.

Ladabin bai hana tsayuwa a kan magana ba. Kada ka cika saƙon da ban haƙuri kamar kai ne mai laifi, kada ka ce "in ba damuwa", domin akwai damuwa. "Don Allah a cire kafin Juma'a" magana ce mai ladabi, kuma ba ta da kwana-kwana.

A rubuce ko da murya? Da wane harshe?

Fara a keɓe, tsakaninka da shi. Tona mutum a gaban mabiyansa ko a rukunin dangi yana sa ya ƙeƙashe ƙasa, jama'a kuma su rabu biyu a koma musu.

Mutanenmu da yawa sun fi sauraron murya fiye da karatu, musamman dattawa, kuma murya tana ɗauke da girmamawar da rubutu ba ya iya ɗauka. Ka yi muryar, da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi, duk wanda kuka fi fahimtar juna da shi. Amma ka biyo ta da layi biyu a rubuce masu faɗin buƙatar da ranar. In kamfani ne ko jarida ko wata ƙungiya, rubuta da Faransanci, domin saƙon yana iya wucewa hannun wanda ba ya jin Hausa, kuma shi ne za ka nuna in magana ta yi nisa.

Ya ce a Google ya samu. Wani kuma ya ce ai tallata ni ya yi.

Amsoshin nan biyu kusan kowa zai ji su. Google ba shi da hoto ko ɗaya na hawan Garwa, nuna hotunan mutane kawai yake yi. Ka ce masa: "Haka ne Malam, can ma daga shafina ya fito, ga shi." Kada ka tsaya koyar da shi doka. Maimaita buƙatarka.

Mai cewa tallata ka ya yi, ka tambaye shi cikin raha: wanda ya ga hoton, ta ina zai same ni tunda babu sunana? In da gaske tallar yake nufi, ga maɓallin "Partager", wanda ke ɗauko abin tare da sunan shafin mai shi. Bambancin rabawa da saukewa a sake sakawa ke nan, kuma da yawa ba su taɓa lura da shi ba sai an nuna musu.

Akwai masu rubuta "haƙƙin mallaka na mai shi" ko "an ciro" a ƙasa su ga sun fita. Ba su fita ba. Wannan amincewa ce cewa abin ba nasu ba ne, ba tare da an faɗi na wane ne ba.

Ya saka sunan, amma can ƙasa inda ba mai gani. In ƙyale?

Sunan ya kamata ya kasance a jikin rubutun da ke tare da hoton, yadda duk wanda ya raba abin zai tafi da shi. In an cusa shi inda ba ya bin hoton, ka yi godiya tukuna, sannan ka roƙi a matso da shi. In kuma ya yi yadda ka ce, ka gode masa ka rufe maganar. Kada ka nemi suna, a ba ka, sannan ka dawo da maganar kuɗi. Wannan ya sa aka ce ka yanke shawara tun farko.

Ni marubuciya ce. An kwashe littafina daga rukunin da ake biya, ana rabawa kyauta, wani ma yana karanta shi a YouTube.

Rubutu ya fi hoto saurin rasa mai shi, domin goge layin farko kawai ake yi. Shaidarki ita ce ranar da kika fara saka kowane babi, da daftarin da ke wayarki ko littafin da kika rubuta da hannu. Don gano inda ya kai, ɗauki jimla ɗaya da ba kowa zai rubuta irinta ba, ki saka ta tsakanin alamun zance a Google ko a wurin bincike na Facebook. Mai hoto kuma Google Lens, manhajar bincike da hoto, zai yi masa wannan aiki.

Ki san iyakar abin da za ki nema. Wanda ya ciro 'yan layuka don ya yi sharhi ko ya koyar, ya kuma ambaci sunanki da na littafin, doka ta ba shi dama. Jigo ma ba na kowa ba ne: labarin kishiya da uwar miji ba wanda ya mallake shi, kalmominki da tsarinki ne naki. Amma kwashe babi sukutum, ko canza sunayen taurari a ce sabon littafi ne, ko karanta shi da murya a tashar da ke samun kuɗin talla, duk sai da izininki. Fassara shi zuwa Fulatanci ko Faransanci ma haka.

Ga mai tashar, zaɓi biyu za ki ba shi kamar na mai masauki: ku daidaita a kan kuɗi da suna, ko ya sauke. Wasu marubutan sun fi son a bar babin farko da sunansu da lambar da za a nemi sauran, a sauke ragowar. Wannan ciniki ne mai kyau in ke kika zaɓe shi.

Rubutun addini yana da tasa matsalar. Za a ce miki ai ilimi ne, sadaka ce, me ya kawo maganar suna? Amsar tana cikin al'adar malamanmu kansu, waɗanda ba sa kawo magana sai sun jingina ta ga mai ita. Wanda ya ga kuskure a rubutun, wa zai tambaya in babu suna?

Ya karanta ya yi shiru. Sai me?

Ba shi kwana biyu ko uku. Ba kowa ke da kuɗin intanet kullum ba, kuma shafi yana iya zama a hannun mutum fiye da ɗaya. Sannan ka tura na biyu, gajere fiye da na farko: "Alhaji, ina tuni a kan maganar hoton nan. In bai sauka ba zuwa Litinin zan kai rahoto ga Facebook, kuma ba na so ta kai mu ga haka." Kada ka faɗi abin da ba za ka aikata ba.

Kafin rahoton, in a gari ɗaya kuke, nemi wanda yake jin nauyinsa: yayansa, shugaban 'yan layinsu a kasuwa, limamin unguwa, ko jauro. Magana ɗaya daga irin waɗannan takan yi abin da saƙo goma bai yi ba.

In duk bai yi ba, Facebook da Instagram suna da fom na musamman na haƙƙin mawallafi, a ƙarƙashin "Propriété intellectuelle" cikin shafukan taimakonsu. Za a nemi sunanka, adireshin abin da aka kwafa, da inda naka na asali yake. Abu biyu ya kamata ka sani tukuna. Na ɗaya, ba a ɓoye ake yi ba: suna ba wanda ka kai ƙara sunan mai haƙƙin da adireshin imel ɗin da ka rubuta. Na biyu, mai haƙƙin ne ko wakilinsa ke cike fom ɗin. Tara abokai hamsin su yi ta danna "Signaler" ba ya maye gurbinsa. A YouTube, buƙatar cirewa tana jawo wa tasha gargaɗi, kuma gargaɗi 3 cikin kwana 90 na iya rufe ta gaba ɗaya. Akwai zaɓin ba mai tashar kwana 7 ya sauke da kansa kafin gargaɗin ya hau kansa. In ba so kake ka kashe masa sana'a ba, wannan za ka zaɓa.

Ban yi wa aikina rajista ba. Doka ta san da ni?

Ta sani. Kamaru da Cadi duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mawallafa, wadda asalinta ya koma 1886, kuma a ƙarƙashinta haƙƙi yana tabbata ne da yin aikin, ba sai da takarda ko hatimi ba. A Kamaru dokar ita ce mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000. Ta raba haƙƙin gida biyu: na suna da mutuncin aikin, wanda ba ya ƙarewa kuma ba a sayar da shi, da na cin amfani, wanda ke ɗorewa tsawon ran mawallafi da shekara 50 bayan rasuwarsa. Ta kuma tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tarar sefa 500,000 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga cikin biyun, ga mai satar fasaha. A Cadi dokar ta 2003 ce, kuma hukumar da ke kula da haƙƙin mawallafa ita ce BUTDRA a Injamena. A Kamaru ƙungiyoyi ne ke karɓar wa mambobinsu kuɗin haƙƙi: SOCILADRA ta marubuta, SCAAP ta masu fim da masu hoto. Ƙasashen biyu kuma mambobin OAPI ne, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde.

Sai dai a faɗi gaskiya, hoto ɗaya a shafin mai shago bai kai kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu ba. Dokar tana da amfani ne idan babban kamfani ya buga hotonka a allon talla, ko an buga littafinka ana sayarwa. A irin wannan, kafin ka yi wa kowa magana, ka nemi wisiye, ma'aikacin shari'ar nan da ke rubuta shaidar abin da ya gani da idonsa, ya tabbatar da abin a takarda. Takardarsa ta fi hoton fuskar waya nauyi a gaban alƙali.

Hoton 'yata ne ke yawo a rukunonin WhatsApp. Nan ma sai na bi waɗannan matakai?

A'a. Hoton yaro, ko na mace da aka ɗauka a cikin gida ko ba da saninta ba, ba maganar suna ko ciniki ba ce, kuma ba a jira kwana uku. Kira wanda ya saka a waya nan take, ka kira shugaban rukunin. WhatsApp yana ba da kusan kwana 2 a yi "Supprimer pour tout le monde", kuma shugaban rukuni yana iya goge saƙon wani ga kowa a cikin wannan lokaci. Bayan ya wuce, ko in mutane sun riga sun sauke hoton cikin wayoyinsu, ba mai iya janyo shi, har kamfanin kansa, domin ba ya ganin abin da ke cikin saƙonni. Abin da ya rage shi ne roƙon mutane ɗaya bayan ɗaya, da sanarwar shugaban rukuni cewa kada a ƙara turawa.

In kuma wani yana riƙe da hoton yana barazanar yaɗawa sai an ba shi kuɗi, kada a biya, kada a goge saƙonninsa. A adana su a kai wa 'yan sanda ko jandarma. A Kamaru dokar laifukan intanet mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta haramta yaɗa hoton sirrin mutum ba da yardarsa ba.

Ni aka yi wa magana cewa na ɗauki hoton wani. Me zan ce?

Duba shaidarsa. In nasa ne, ka ce "ka yi haƙuri, ban san naka ba ne", ka yi abin da ya nema a ranar, ka sanar da shi ka yi. In ka riga ka tura wa wasu, ka gaya musu sunan mai shi. In kana shakkar nasa ne, ka roƙe shi ya nuna maka inda ya fara sakawa da ranar, kuma ka ɓoye abin daga idon jama'a har ku gama magana. A Facebook ana iya mayar da abin da ka saka a bangonka zuwa "Moi uniquement" ba tare da an goge shi ba, in ta tabbata naka ne ko ya ba ka izini sai ka sake buɗewa.